Abinci ya ƙare a wurin dina: yadda ake auna mai girkin biki kafin a yanke mata hukunci

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Makon jiya muka yi dinar ƙanwata a Gwarinpa. Mun yi cinikin faranti 400, amma abinci ya zo a makare, ya kuma ƙare kafin a kai teburan baya, washegari mutum biyar suka ce cikinsu ya ɓaci. Ragowar kuɗin mai girkin yana hannuna, kuma ina so in rubuta abin da ya faru domin wasu su sani. Yaya zan yi ba tare da na zalunce ta ko na jawo wa kaina magana ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya sanya alheri, Ya ba su zaman lafiya, Ya kuma ba marasa lafiyan sauƙi.

Shawarata ta farko ita ce ki dakata da rubutun na kwana biyu ko uku, ki fara tattara lissafi. A shekarun da na yi ina tsara bukukuwa a Abuja, na lura cewa a daren dina hannu uku ne ke taɓa abinci: hannun mai girki, hannun masu ɗakin taro, da hannun masu biki. Baƙon da ya tashi da yunwa ba ya ganin wannan rabe-raben, sunan mai girki kawai yake ji, shi ya sa yawanci ita ke kwasar laifin kowa. Wani lokaci ta cancanci hakan, har ma fiye. Wani lokaci kuma laifinta yana wani wuri dabam da inda ake nuna mata yatsa. Bari in ba ki labarin wata dina da na bi diddiginta, domin hanyar da na bi ita ce nake so ki bi.

An yi dinar a wani ɗakin taro da ke wajen Kado. Takardar yarjejeniya ta ce faranti 350, kowane faranti da shinkafa iri biyu, da kwatar kaza, da haɗin kabeji, kuma abinci zai iso ƙarfe 6:00 na yamma. Da aka tashi, tebur 14 ba su sami komai ba, uwar amarya kuwa ta rantse cewa mai girkin rabin abinci ta kawo. Washegari na fara da manajan ɗakin taron, na tambaye shi tebur nawa aka jera. Ya ce an fara da 35, kowanne da kujeru 10, amma da misalin ƙarfe 8:00 wani yayan ango ya ga mutane a tsaye, ya sa aka ƙaro tebur 6. Ke nan mutum 410 ne suka zauna a wurin da aka yi wa girkin 350, kuma kusan duk ƙarin 'yan gayyar soɗi ne, domin tun ƙarfe 7:30 masu tsaron ƙofa suka daina duba kati. Daga nan na zauna da shugabar masu rabon abinci. Ta ce tun kafin a fara rabo wata gwaggon amarya ta zo ta sa an fitar da kula biyu zuwa mota, ɗaya ta gidan amarya, ɗaya ta baƙin da suka zo daga Kano suka sauka a masauki, kuma kowace kula tana cin kimanin faranti 30. Sai kuma masu hoto, da masu kiɗa, da masu adon wuri, da masu tsaro, wajen mutum 25, waɗanda babu wanda ya sa su a lissafi, amma duk sun ci, kuma suna da gaskiya da suka ci.

Idan kika cire 60 da 25 daga 350, abin da ya rage wa zaure faranti 265 ne, ga kuma mutum 410 a zaune. Giɓin ya kama 145, wato kusan daidai da tebur 14 ɗin da aka ce ba su samu ba. Da lissafin ya faɗa daidai haka, na san cewa ta fuskar yawa mai girkin ta cika alkawarinta. Da a ce kujeru 350 ne, babu kular da ta fita, amma tebur 14 suka rasa, to da babu wata magana sai a nemi bayani daga wurinta.

Amma ba ta fita fes ba. Da na karɓi hotunan tebura daga mai hoto, sai na ga naman da ke kan faranti ba kwatar kaza ba ne, an yanka kowace kaza gida takwas. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne: kwata 350 na buƙatar kaji 88, alhali yanka takwas-takwas kaji 44 sun isa. Ta riƙe kuɗin kaji 44 ke nan, kuma babu baƙo ko ɗaya da ya yi ƙorafi a kan haka, domin kowa hankalinsa yana kan teburan da suka rasa. A nan ne masu girkin da ba su da amana suka fi cin riba, saboda shinkafa ita ce mai araha a cikin faranti, nama ne mai tsada, kuma mai biki yakan ƙirga faranti ya manta da abin da ke kai.

Saboda haka ki nemo lambobi huɗu: yawan kujerun da aka jera a ƙarshe, ba a farko ba, abin da dangi suka fitar kafin rabo ko ana cikin rabo, yawan ma'aikatan da suka ci, da kuma yawan kulolin da aka sauke daga mota. Ki tambayi dangi da lallashi, domin wadda ta ɗebi abinci ta kai wa tsofaffi a gida ba ta ɗauki hakan a matsayin laifi ba, kuma idan kika zo mata da fushi ba za ta faɗa miki gaskiya ba. Game da na huɗun, akwai lissafin da za ki iya gwadawa da shi. A ma'aunin da nake aiki da shi, cikakken farantin biki yana cin ɗanyar shinkafa kimanin giram 125 zuwa 140, saboda haka buhu mai kilo 50 yana ciyar da mutum 350 zuwa 400. Ki tambayi mai girkin kai tsaye shinkafa nawa ta dafa da kaji nawa ta saya. Wadda ta yi aikinta tsakani da Allah takan amsa nan take, har ta nuna rasit, wadda kuwa ta fara kewaye-kewaye ta riga ta ba ki rabin amsa.

Akwai kuma laifin da yake nata ko da ta dafa abin da ya isa, shi ne rashin iya rabo. Idan hotuna suka nuna farantan teburan gaba a cike maƙil, na tsakiya rabi-rabi, na baya babu, to masu zubawa ba su da tsayayyen ludayi, kuma babu wanda ya tsaya a kansu. Horar da su da sa musu ido aikin mai girki ne. Haka nan idan salon da kowa ke tashi ya ɗiba da kansa aka yi, ƙwararriya ta san nama kan ƙare kafin shinkafa, don haka takan tsayar da mutum a kan nama, ta kuma gaya wa mai biki tun wurin ciniki cewa wannan salon yana buƙatar ƙari. Idan ba ta yi ko ɗaya ba, kina da damar rubuta hakan.

Maganar lokaci ta fi sauƙin tabbatarwa, amma a nan ma lokuta biyu ne ake cakuɗawa: lokacin da abinci ya iso, da lokacin da aka fara rabo. Na farko nata ne, na biyu yawanci namu ne, domin a dinar Abuja ba a cika fara rabo ba sai amarya da ango sun shigo, kuma kowa ya san abin da mai kwalliya ke yi wa agogo. A waccan dinar ta Kado, motar abinci ta shigo ƙarfe 7:40 maimakon 6:00, kamar yadda littafin masu gadi ya nuna, amarya kuwa ta shigo 9:10, aka fara rabo 9:30. Makarar awa ɗaya da minti 40 saɓa alkawari ne, na kuma rubuta mata shi, amma ba ita ta sa baƙi suka zauna da yunwa har dare ba. Ki duba saƙonninki da kiran da kika yi mata a ranar, da lokacin da ke jikin hotunan waya, da bidiyon bikin. Ki kuma lura ko ta kira ta sanar da ke cewa za ta makara. Ba na karɓar uzurin cunkoson mota daga wadda ta daɗe tana aiki a garin nan, domin duk mai fitowa daga Mararaba ko Nyanya ko Kubwa ta san halin hanyarta, aikinta ne ta fito da wuri. Uzurin da nake saurara shi ne idan masu ɗakin taro ne suka hana ta shiga saboda wani bikin na rana bai tashi ba, abin da kan faru ranar Asabar a wuraren da ke karɓar biki biyu a rana ɗaya. Idan haka ne, wannan laifin na masu ɗakin ne.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi taka-tsantsan, wato ciwon ciki. Ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye cikin zafin ɗaki. Ko dai ya zauna da zafinsa sama da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, ko ya yi sanyi ƙasa da digiri 5, domin a tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Kula mai kyau da aka cika aka rufe tana riƙe zafi na wasu awoyi, amma wadda ake buɗewa ana rufewa, ko wadda aka zuba wa abinci rabi, tana hucewa da wuri. Abin da aka riga aka zuba a robar tekawe tun rana ya fi kowanne haɗari. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja kan haura digiri 35, abubuwan da na fi jin tsoro su ne soyayyiyar shinkafa mai kayan lambu da hanta, da haɗin kabeji mai mayonis, da kunun aya, domin su ne ke fara juyawa.

Lokacin da ciwo ya fara yana ba da haske. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa da ɗanyar shinkafa, dafuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe dafin. Alamarta ita ce tashin zuciya da amai cikin awa ɗaya zuwa shida bayan cin abinci. Gudawa da zazzaɓin da suka zo bayan kwana ɗaya ko biyu kuwa sun fi kama da wasu ƙwayoyin da ke ɗaukar lokaci kafin su nuna kansu, kuma a nan ne matsalar bikinmu take: wanda ya kwanta ranar Lahadi ya ci abincin kamu ranar Alhamis, ya ci na ɗaurin aure da walima ranar Juma'a, ya sha zoɓon da aka haɗa a gida, kafin ya zo dina ranar Asabar. Ki kira mutum biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta abin da kowa ya ci, da sa'ar da ciwon ya fara, da irin ciwon. Sannan ki kira wasu goma da suka ci abincin dinar suka kwana lafiya, ki tambaye su su ma. Idan duk marasa lafiyan sun haɗu a kan abu guda, misali haɗin kabeji, masu lafiyan kuma yawancinsu ba su taɓa shi ba, kin sami zargi mai ƙarfi. Idan kuma duk biyar ɗin gida ɗaya suka sauka, suka yi karin kumallo tare, to zargin ya koma gida. Ki kuma binciko ko daga abincin da aka tafi da shi gida suka ci washegari, domin wanda ya kwana a mota ko a kicin ba tare da firji ba ya fita daga wuyan mai girki. Duk wanda ciwonsa ya wuce kwana biyu, ko ya ga jini, ko yaro ne ko tsoho ko mai juna biyu, a kai shi asibiti, takardar likita kuma ita ce hujjar da ta fi kowace nauyi.

A rubutu, tsafta ana bayar da shaidarta ne da abin da ido ya gani. Idan kin ga masu rabo suna ɗaukar nama da hannu, ko babu abin rufe gashi a kansu, ko ana ɗauraye faranti a baho ɗaya da ruwan da ba a canzawa, ko an ajiye kuloli a ƙasa kusa da banɗaki, ki faɗa kamar yadda kika gani. Sai dai ki tambaya ko ɗakin taron ya ba ta wurin aiki mai famfo da haske. Na sha ganin wuri mai ƙayataccen zaure wanda wurin masu abincinsa wani lungu ne a bayan janareta, kuma wannan abin kunya na mai ɗakin ne, ko da yake ƙwararriyar mai girki takan je ta duba wuri kafin ranar, ta zo da ruwanta da teburanta.

Duk wannan awon ana yin sa ne da abin da aka yi alkawari, saboda haka ki ɗauko yarjejeniyar ki karanta ta kalma bayan kalma. Idan babu takarda, saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki suna da amfani, domin Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da bayanan na'ura a kotu idan an cika sharuɗɗanta. Ki adana su yanzu, har da saƙonnin murya. Ki raba abin da aka rubuta da abin da kika ɗauka a zuciyarki. Idan takarda ta ce "kaza" kawai ba ta faɗi girman yanka ba, ba za ki ce an karya alkawari ba, iyakarki ki ce yankan ya gaza wanda aka nuna miki ranar ɗanɗano, idan kina da hotonsa. Haka kalmomi irin su "isassun masu rabo" ko "abinci zai zo a kan lokaci" ba su ɗaure kowa ba, tunda babu adadi babu sa'a.

Ragowar kuɗin kuma kada ki riƙe shi gaba ɗaya don huce haushi, domin hakan zai mayar da ke mai karya yarjejeniya. Ki rubuta mata saƙo guda mai natsuwa, ki jera abin da kika tabbatar, ki sa wa kowanne kimarsa, ki ba ta kwanaki ta amsa. A waccan dinar ta Kado abin da muka cire shi ne kuɗin kaji 44 a farashin ranar, da wani ɗan kaso da ita da kanta ta amince da shi saboda makara, aka biya ta sauran a ranar. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, a sanar da shi idan jinkiri ya zama dole, kuma idan aikin ya gaza ya nemi a gyara ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa daidai da gazawar. Idan sulhu ya ƙi, hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, da ke da hedikwata a nan Abuja tana karɓar irin wannan ƙorafi. A ganina dai yawancin irin wannan rigima tana mutuwa ne a zama ɗaya, musamman idan aka sa wadda ta haɗa ku a tsakiya.

Sai bayan ta amsa ne za ki yi rubutun, kuma ki sa amsarta a ciki. Ki tuna cewa ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod da ke aiki a Abuja, ana kuma kai ƙararsa don neman diyya, kuma ba a manta da matar da aka kama a 2023 aka kawo ta Abuja saboda abin da ta rubuta a Facebook game da wani tumatirin gwangwani ba. Ban faɗi haka don ki yi shiru ba, sai don ki tsaya a kan abin da za ki iya nunawa. Kalmomin "ɓarauniya" da "ta ba mu guba" hukunci ne da ba ki da hujjarsa. Ga irin yadda na rubuta na waccan dinar: "Mun yi yarjejeniyar faranti 350, kuma lissafinmu ya nuna ta kawo su, ƙarancin da aka samu daga ɓangarenmu ne, domin an ƙara tebur 6 an kuma fitar da kula biyu. Abinci ya iso 7:40 maimakon 6:00 ba tare da sanarwa ba. Takarda ta ce kwatar kaza, abin da aka raba rabin haka ne. Da muka nuna mata hotuna ta amsa, ta yarda aka cire kuɗin bambancin. Shinkafar ta yi daɗi, ta kuma iso da zafinta." Idan bincikenki a kan ciwon cikin bai kai ga abinci guda ba, iyakar abin da za ki rubuta shi ne mutum biyar daga cikin baƙi sun yi rashin lafiya washegari, kuma ba a tabbatar da musabbabin ba. Idan kuwa kin gano cewa su biyar ɗin gida ɗaya suka kwana suka ci abincin safe tare, ki cire maganar daga rubutun gaba ɗaya. Na ɗakin taron kuma ki rubuta shi dabam, da nasa awon: sa'ar da aka buɗe muku ƙofa, yawan kujerun da aka yi alkawari, ko janareta da na'urar sanyaya ɗaki sun yi aiki har ƙarshen awoyin da kuka biya, da halin da banɗaki yake ciki da ƙarfe 10:00 na dare, ba da ƙarfe 5:00 na yamma ba.